Cajar da na sa wa albarka

Ni ban taɓa sayen abu hannun mutumin da ban gaisar ba. Haka na taso na tarar a gidanmu, haka kuma na yi shekaruna ina sayar da daddawa a zauren gida a Dutsin-Ma. Mai saye ya zo, a tambayi gida, a tambayi yara, sannan a taɓa kaya. In an gama ciniki kowa ya sa wa ɗan'uwansa albarka. Ban yi karatun boko ba, wannan ma da kuke karantawa ina faɗa ne ana rubuta mani, amma wannan ɗaya na san shi tun ina yarinya. To ta nan wani ya shigo mani.

Ɗana ne ya saya mani babbar waya, irin wadda ake shafawa. Ba na iya karanta komai a cikinta. An dai nuna mani inda zan danna in yi magana ta tafi, da inda zan danna in ji ta wani. Da ita nake gaisawa da ƙanwata da ke aure a Ɗantutture, da ita nake jin wa'azi in na idar da walaha. Cajar da ta zo da ita ta karye ta wuya. Na aika aka sayo a kasuwa, ta mutu. Aka sake sayowa, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Sai jikata, babbar ɗiyar ɗana, wadda ke koyarwa a firamare kuma take aure unguwar da ke bayanmu, ta ce ta ga wani a waya yana tallar caja ta asali, daga wani gari can nesa yake aikowa.

Na ce, "Ɗan wa ne?"

Ta ce, "Tsohuwa, caja za ki saya ko aure za ki ba shi?"

Na ce, "Ko goro ba na saye hannun wanda ban ji muryarsa ba. Sa mani lambarsa."

Ta sa mani tana dariya. Na danna, na gaishe shi, na tambayi mahaifansa. Kafin azahar amsa ta zo. Kai, yaron nan ya iya gaisuwa. Ya ce Mama ina wuni, Mama ya jiki, Mama ya iyali. Ya ce tasa mahaifiyar ta rasu, da ya ji muryata sai da ya tuna da ita. Ya ce cajar nan in ta ba ni matsala ko yaya ne, in faɗa mashi, kuɗina na nan kamar ajiya na ba shi. Na sake saurare, na kuma sakewa. Na ce wa jikata wannan ɗan mutunci ne, a tura mashi. Na kwance bakin zane na ba ta, ita ta tura ta asusunta na banki, ta ɗauki hoton shaidar ta aika mashi.

Direban mota ya kawo saƙon tasha, mijin jikata ya karɓo. Cajar fara ce tas, cikin kwali mai sheƙi. Aka soka ta a bango, wayar ta yi ɗan kukanta, alamar cika ta fara hawa. Ni kuwa daɗi ya kama ni. Ban jira ta kwana ba, na danna na yi mashi magana mai tsawo. Na ce ni ce tsohuwar nan ta Dutsin-Ma mai daddawa, kaya sun iso lafiya. Na ce na ga masu ciniki iri-iri a rayuwata, ban ga mai cika alkawari kamarsa ba. Na ce duk wanda ya saya hannunsa ya kwanta ya yi barci. Na ce Allah ya yi mashi albarka, ya jiƙan mahaifiyarsa, ya buɗa kasuwarsa gabas da yamma. Ni in na fara addu'a ba na iya taƙaitawa, jikokina sun sani. Ya amsa da amin, amin, Mama. A wurina ciniki ya ƙare ke nan yadda ya kamata.

Tun farko cajar takan yi ɗumi in ta daɗe a bango. Na ɗauka haka masu ƙarfi suke.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne, ana tsakar zafi. Na sa wayar caji na ɗora ta bisa katifa, na fita tsakar gida ina tsince wake. Sai na ji ƙauri. Ba ƙaurin tuwo ba, ba na itace ba, irin na robar da aka jefa a murhu. Na leƙa madafa, babu kowa. Na shiga ɗaki. Kan cajar ya kumbura, gefensa ya narke ya yi baƙi, wani siririn hayaƙi na bin bango. Labulen gadona na saman wurin, bakinsa har ya fara canja launi. Kuma a gadon nan, kusa da bango, autan jikata yake barci, don nan take barinsa in za ta makaranta. Na sure shi na fita da shi, na dawo na kashe makunni, na naɗe hannuna da ɗankwali na fizge ta. Duk da ɗankwalin sai da yatsuna biyu suka tashi.

Yaron bai ma farka ba. Na zauna bakin rijiya ina riƙe da shi.

Da jikata ta zo da la'asar ta ga bangon, ta ga yatsuna, ta ɗauki ɗanta ta rungume. Can ta ce, "Kawo wayar, yau sai ya san wanda ya haife shi."

Na ce, "Ba za a zage shi ba. Ƙila shi ma cutarsa aka yi. Bari in faɗa mashi."

Na yi mashi magana a hankali, na gaya mashi abin da ya faru. Alama ta nuna ya saurara, jikata ta nuna mani. Bai amsa ba. Washegari na sake. Sai rubutu ya zo, ba murya ba. Jikata ta karanta: ba su karɓar koke ta murya, a rubuto, a haɗo da hoton kayan da na kwalin da shaidar biyan kuɗi.

Na ce, "Shi ne ya rubuta haka?"

Ta ce, "Lambarsa ce."

"Bai ce Mama ba?"

"Bai ce ba."

To muka zauna rubuta takarda. Ita da wayarta a hannu, ni da bakina. Sai da muka yi ta ja-in-ja. Na fara da gaisuwa, ta ce gaisuwar ta yi yawa, wannan koke ne ba bikin suna ba. Na ce ko alƙali za a kai mutum sai an yi mashi sallama. Ta so ta sa cewa za mu kai shi ƙara, na ce kada ta rubuta abin da ba mu yi niyya ba. Ta so ta ce wayar ta ƙone, na ce wayar ba ta ƙone ba, ga ta nan tana aiki da cajar maƙwabta. Ta ce, "Ke tsohuwa, da ke ce lauya da kowa ya kwana a gidan yari." A ƙarshe ga abin da muka aika, na sa ta karanta mani har na haddace:

"Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida iyalinka. Ni ce tsohuwar Dutsin-Ma da ta sayi caja hannunka, wadda jikata ta biya ta asusunta. Ga hoton shaidar biya, ga hoton kwali, ga hoton cajar yadda ta koma, ga na bangon ɗakina. Tun da ta zo takan yi zafi. Ranar nan ta kumbura ta narke tana jikin bango, ta ƙona mani yatsu, kuma akwai jariri yana barci kusa da ita. Ba ta jiƙe ba, ba ta faɗi ba, ba a buɗe ta ba. Sauran kayan da ke jikin wuta a gidan a lokacin babu abin da ya same su. Kai ka ce mani da bakinka in ta ba da matsala kuɗina na nan. Ina neman ka mayar da su ta asusun da aka biya ka. Ba na son canji, don ba zan sake soka irinta a ɗakina ba. In kana son cajar zan ba direba ya kawo maka. Kuma ina roƙonka ka duba sauran da ke hannunka kafin ka sayar wa wani. Na gode."

Muka aika, muka jira.

Ana cikin jiran nan ne ƙanwata ta aiko mani da murya daga Ɗantutture. Tana ta dariya. Ta ce, "Yaya, ashe kin zama 'yar talla ba ki gaya mana ba? Ko'ina muryarki. Ɗanki ma ya saya." Ɗan nata take nufi, babba, magidanci, wanda ke da rumfar cajin waya a Kurfi. Mutanen ƙauyukan da babu wuta su kawo mashi wayoyinsu, ya tada janareta, ya jera su bisa katako, su biya su karɓa. Da wannan yake ciyar da gidansa.

Ban gane zancenta ba. Jikata ta bincika shafin mutumin, sai na ga fuskarta ta canja. Ta miƙo mani wayar. Hoton cajar ne yana juyawa, fara tas, ga kuma muryata a kai. Ni ce tsohuwar nan ta Dutsin-Ma mai daddawa. Duk wanda ya saya hannunsa ya kwanta ya yi barci. Ya yanke inda na yi tari, ya yanke inda na yi wa mahaifiyarsa addu'a, ya bar abin da zai sayar mashi da kaya. Tun ranar da na aika ya ɗora. Daga nan wani ya tura wa wani, har ta shiga zauren 'yan'uwa na waya, har ta kai Kurfi.

Na daɗe a duniya, an ci mani bashi, an yi mani ƙarya, an taɓa sace mani tunkiya. Duk na ji zafinsu na manta. Wannan dabam ne. Addu'a ce na yi wa maraya tsakanina da shi da Allah. Ya ɗauke ta ya kai kasuwa. Kuma mutanen da suka san ni, waɗanda suka san ban taɓa yabon daddawar da ta lalace ba ko tawa ce, su ne suka ji suka kwance kuɗinsu.

Na ce wa jikata a ƙara rubutu. Wannan karon ba ta yi mani gardamar gaisuwa ba, don ban yi ba. Na ce ta rubuta: muryar da ka sa a shafinka ban ba ka izini ba. Na faɗe ta ne ranar da kaya suka zo, kafin in san halinsu. Ka cire ta yau.

Amsa ta zo da wuri, kuma da murya. Mama ta dawo bakinsa. Mama ki yi haƙuri, Mama wallahi raina ya ɓaci. Ya ce wutar garinmu ce takan zo da ƙarfi, cajarsa ba ta taɓa yin haka ba. Ya ce ƙa'idarsu in an buɗe kwali ba a mayar da kuɗi, amma ni uwa ce, zai mayar mani daga aljihunsa. Abu ɗaya kawai yake roƙo. In sake yi mashi 'yar gajeriyar murya in ce an sami matsala kaɗan ya gyara nan take, mutumin kirki ne. Da na aiko, kuɗi za su shigo kafin magariba. Zancen cire ta farko bai ko taɓa shi ba.

Jikata ta ce, "Ki yi mashi mana. In kuɗin sun shigo sai mu tona shi."

Na ce, "Da wane bakin?"

"Da naki. Ai shi ya fara."

"In na faɗa ya ɗora, wa zai bi ta ya kamo? Waccan ma kin kamo ta?"

Na karɓi wayar na danna da kaina. Na ce mashi ba zan yi ba. Na ce kuɗina haƙƙina ne, ba sai na saye su da wata magana ba. Na ce ya cire muryata. Ban zage shi ba, ban kuma yi mashi baki ba, ko da yake maganar ta zo mani har maƙogwaro. Ya saurara. Jim kaɗan hotonsa ya ɓace daga saman wayar. Jikata ta ce ya toshe mu, duk abin da muka aika yanzu ba zai isa ba. Ta gwada da lambar mijinta, aka toshe shi shi ma. Ta kai ƙorafin shafin inda ake kaiwa a cikin wayar, ta sa ƙawayenta suka kai. Ta tambaya a banki, aka ce mata kuɗin da mutum ya tura da hannunsa ba a jawo su haka kawai, sai an bi ta hukuma. Ɗana ya ce wahalar ta fi kuɗin, zai sayo mani wata mai kyau. Ya sayo. Duk suka ɗauka magana ta mutu.

Ni kuwa ban iya cin abinci sosai ba. Ina ganin katakon nan na Kurfi a raina, wayoyin mutane jere, ga jarkar fetur ta janareta a ƙarƙashi.

Ranar kasuwar Kurfi na shirya na shiga mota. Na ƙulle cajar da ta narke a leda na tafi da ita. Na tarar da ɗan ƙanwata a rumfarsa, janareta na ta ƙara. Ya tashi ya durƙusa ya gaishe ni, ya share mani benci, ya aika a sayo mani ruwa. Na dubi katakon. Fararen cajojin nan ne a jere, irin tawa sak.

Na kwance ledar na ajiye gabansa. Ya duba. Bai yi mamaki ba, shi ne abin da ya fara soka ni. Ya sunkuya ya jawo wani gwangwani daga ƙarƙashin teburi, ya buɗe. Akwai irinta a ciki, sun kumbura, ɗaya ta tsage. Ya ce ɗaya ta kashe wayar wani mai shanu, sai da ya biya shi.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "An ɗan kwana biyu, Inna."

"Ka kasa faɗa mani?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ke kika yabe shi. Ta yaya zan zo in ce maki ba haka ba ne?"

"Shi ne ka bar sauran a wuta?"

"Jarina ke nan na zuba. Ina taɓa su lokaci-lokaci, wadda ta yi zafi in zare ta huta."

Na ce ya kashe janareta. Ya ce masu wayoyi na jira, ranar kasuwa ce. Na ce ya kashe. Ya kashe. Wurin ya yi tsit, mutane suka juyo. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya muna zarewa, wasu da zafinsu. Tsofaffin nasa da ya ajiye gefe ba su kai rabin katakon ba, ya mayar da su, sauran wayoyin ya ba masu su haƙuri suka tafi rumfar wani. Ina zaune ina kallon cinikinsa na tsallaka titi. Na ce mashi raguna biyu da nake kiwo zan sayar da ɗaya in rage mashi asara. Ya ce Allah ya kiyaye. Na ce ba shawararsa nake nema ba.

Ya ce ya sayar wa mutane kaɗan daga ciki, waɗanda suka ce irin ta tsohuwa suke so. Ya san wasu, wasu 'yan ƙauye ne. A nan bisa bencin na sa ya danna mani, na yi sabuwar magana. Na ce ni ce dai tsohuwar Dutsin-Ma. Waccan muryar tawa ce, amma na faɗe ta ban sani ba. Cajar tana zafi, tana narkewa, ta ƙona ni. Wanda ya saya ya zare ta. Ya tura wa duk wanda yake da lambarsa, ƙanwata ta tura wa matan Ɗantutture, jikata ta tura nata wajen. Sai dai tawa ta biyu babu hoto mai juyawa a kanta, kuma babu mai biyan kuɗi don a yaɗa ta.

Da yamma na shiga motar komawa. An matse mu a baya, ni da wata mata mai goyo da ban sani ba. Mun bar gari kaɗan, tana shafa wayarta, tana wuce wannan tana wuce wancan. Sai na ji ni. A cikin motar nan, tsakanin buhun gero da gwiwoyin mutane, ina sa wa mutumin nan albarka. Ta tsaya a kai tana saurare. Ta ce wa wadda ke gefenta tata cajar ta lalace, bari ta ajiye lambar nan.

Na taɓa hannunta. Na ce, "Ɗiyata, kada ki saya."

Ta dube ni. "Kin san shi, Iya?"

"Ni ce ke magana a ciki."

Ta sake kunnawa, ta kara a kunne, tana kallon bakina. Na faɗa mata komai a taƙaice, na nuna mata yatsuna. Mutanen motar duk suna ji. Direba ya ce Allah ya kyauta. Matar ta jinjina kai. Ba da raini ba, a hankali ta ce, "To Iya, can kin rantse, nan ma kin rantse. Wacce zan ɗauka?"

Na ce ta ɗauki ta yau.

Ta sauka a wata mararraba kafin mu shiga gari, ta gyara goyonta, ta ce in gaida gida. Ban ga ta goge lambar ba. Na bi ta da ido ta tagar mota har muka sha kwana.